Tambayoyi da amsoshi: neman izini kafin a gyara kamannin mutum a hoto, da kafin a yaɗa shi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa tsakanin Hausawan Makka, Madina da Jidda, mazauna da ɗalibai da masu zuwa Umara, musamman bayan biki ko walima, lokacin da hotuna suka taru a wayar mutum ɗaya, 'yan uwa na gida kuma suna ta cewa a turo musu.

1. Ai ta tsaya da kanta na ɗauke ta. Wane izini kuma ya rage?

Izini uku ne, kuma kowanne zaman kansa yake. Akwai izinin ɗauka, akwai izinin gyara, akwai izinin yaɗawa. Wadda ta tsaya ta yi murmushi ta ba ki na farko ne kawai. Ba ta ce ki haska mata fata ba, ba ta ce ki rage mata kumatu ba, ba ta kuma ce hoton ya fita daga wayarki zuwa zauren dangi na WhatsApp ko sitatus ba.

Na ukun shi ne mai nauyi, kuma ba ya inganta sai mutum ya ga hoton da aka gama gyarawa. Wanda ya ce "to" kafin a fara aiki, abin da ke cikin tunaninsa ya amince da shi, ba abin da zai fito daga hannunki ba. Shi ya sa tambaya sau biyu ake yi: ɗaya kafin a taɓa hoton, ɗaya bayan an gama. Yadda ake yin ta yana amsa ta 4.

2. Kenan ko hasken hoto zan ƙara sai na tambaya?

A'a. Akwai gyaran hoto, akwai gyaran mutum. Idan abin da kake gyarawa kyamara ce ta jawo shi, kamar duhu, karkacewa, jan ido na filasha, ko wani kwandon shara da ya shigo gefe, wannan gyaran hoto ne. Idan kuwa abin yana jikin mutumin, gobe ma da shi zai tashi, kamar launin fata, tsaga, wushirya, furfura, ƙiba, tabo ko siffar hanci, to mutumin kake gyarawa, sai da yardarsa.

Inda ake zamewa shi ne hasken. Baƙar fata kusa da farin harami ko farin marmaran Harami takan fito da duhu fiye da yadda take, domin wayar tana auna haskenta ne da farin da ya cika hoton. Gyaran gaskiya shi ne a ɗaga `Shadows` kaɗan har fuskar ta dawo yadda ido ke ganinta. Idan ka ja `Brightness` ko `Exposure` har ninkin farin yadin ya ɓace ya zama fari fat, ka wuce gona da iri, fatar ma ta canja launi. Ka riƙa duba yadin, shi zai gaya maka inda za ka tsaya.

3. Kyau na ƙara mata, ba muni ba. Ina laifi a nan?

Laifin yana cikin saƙon da gyaran ya isar. Duk abin da ka goge a fuskar mutum, ka gaya masa ne cewa a ganinka aibi ne. Dattijuwar da ke da tsagar gidansu a kumatu ta buɗe hoto ta tarar da fuska sumul: an cire mata alamar da danginta ke gane ta da ita, ba a kuma tambaye ta ba. Budurwar da ba ta taɓa shafa man bilicin ba ta ga kanta fara tas a sitatus ɗin ƙawarta, 'yan uwa a Kano ko Zinder suna ta tambaya ko zaman Saudiyya ne ya sa ta fara. Wannan magana ita za ta bi ta, ba ke da kika yi gyaran ba.

Akwai kuma inda gyaran ke zama yaudara kai tsaye. Hoton da za a tura wa mai neman aure, ko wanda za a nuna wa dangin ango, idan an sauya launi da siffa, ranar da aka haɗu ido da ido mai hoton ce za ta ji kunya. A nan ko ita ta nemi a gyara, ina ganin ya kamata mai gyaran ya tsaya a kan haske da tsabtar hoto, ya gaya mata dalili. Hoton fasfo da na iƙama kuwa ba a taɓa fuska sam, domin amfaninsu shi ne a gane mutum yadda yake.

4. Da wane irin lafazi zan nemi izinin?

Ka faɗi abu uku: me za ka canja, ina hoton zai je, su wa za su gani. "Zan ɗan gyara hoton nan" ba tambaya ba ce, sanarwa ce. Ga yadda yarinya za ta rubuta wa gwaggonta: "Gwaggo, barka da hutawa. Hotonmu na jiya ya yi duhu, ina so in ƙara masa haske kawai, ba zan taɓa fuskarki ba. In na gama zan turo miki ke kaɗai ki gani tukuna." Bayan ta gama sai ta tura na asali da wanda aka gyara tare, ta ce: "Ga su nan biyu, Gwaggo. In kin yarda, zauren mata na gidanmu kawai zan sa shi, ba sitatus ba. In kuma kin fi so a bar shi, wallahi ba komai."

Tura guda biyun yana da amfani, domin mutum ba ya gane abin da aka canja sai ya gan su gefe da gefe. Kuma a tura ta saƙon sirri, ba a cikin zaure ba. Hoton da aka jefa zaure aka rubuta "wa bai yarda ba?" ya riga ya yaɗu. Amsa a rubuce ko saƙon murya ta isa, kada a goge ta.

5. Ta karanta saƙon ba ta ce komai ba. Ko ta ce "duk yadda kika gani". Na ci gaba?

Shiru ba izini ba ne a wannan sha'ani. "Duk yadda kika gani" kuwa sai an duba bakin da ya fito. Mun san halinmu na kunya da kara: amarya ba za ta iya ce wa yayar mijinta a'a ba, ɗalibi ba zai ce wa malaminsa a'a ba, mai aikin gida ba za ta ce wa uwar ɗakinta a'a ba, alhajin da aka sauke a gida ana ciyar da shi ba zai so ya ɓata wa mai masauki rai ba. Idan kai ne babba, nauyin sauƙaƙa ƙin yana kanka. Juya tambayar yadda shiru zai zama ƙi: "Ba zan sa shi ba sai kin ce in sa." Da haka wadda ba ta so ba sai ta buɗe baki ba.

6. Hoton mutum biyar ne, ra'ayinsu ya bambanta. Ya zan yi?

Mu ɗauki misali. An yi walimar aure a wata istiraha a Makka, ɓangaren mata daban kamar yadda aka saba. A hoto ɗaya akwai amarya, mahaifiyarta mai tsaga a fuska, ƙawar amarya da ke sa niƙabi a waje amma ta cire a ciki, ƙanwar amarya 'yar shekara 12, da wata inna da ta zo Umara, jirginta zai tashi daga Jidda washegari. Hoton yana wayar 'yar yayar amarya. Amarya ta ce mata a gyara mata fuska a cire ƙurajen da suka fito, a tura zauren dangi. A zauren nan akwai maza.

Amarya tana da iko a kan fuskarta kaɗai. Don haka mai gyaran ba za ta ɗora filta a kan hoton gaba ɗaya ba, domin filta irin ta kwalliya duk fuskar da ta gano take sulɓewa, tsagar Hajiya ma za ta dushe. Za ta yi amfani da abin goge tabo, irin `Healing` na Snapseed, a kan ƙurajen amarya kawai. Daga nan sai tambaya ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta ce a bar fuskarta yadda take, a tura. Ita ce kuma ta ba da izini a madadin ƙaramar, bayan an nuna wa yarinyar ta ce tana so. Ƙawar amarya ta ce a'a, kuma ba a tambayarta dalili: ta buɗe fuska ne don tana tsakanin mata. Inna tana hanya, wayarta a kashe.

Sakamakon shi ne hoto biyu. Na farko cikakke, ya tsaya a wayar mai gyaran, da sanin ƙawar. Na biyu an yanke shi ya rage amarya, mahaifiyarta da ƙanwarta, shi ne ya tafi zaure, bayan amarya ta sake dubawa ta tabbatar shigarta a hoton ta dace da idon mazan da ke ciki. Inna ba ta shiga ba har sai ta sauka ta amsa. Idan ƙawar a tsakiya take, ba ta yankuwa, to wannan hoton ba na fita ba ne, a nemi wani. Dalilin da ya sa rufe fuskarta da sitika ba ya wadatarwa yana amsa ta 7.

7. In na rufe fuskarta da sitika, ko na zana mata hijabi, ai na suturta ta?

Niyyar mai kyau ce, amma ba ta maye gurbin tambaya. Cikin dangi ba da fuska kaɗai ake gane mutum ba. Atamfarta, lallen hannunta, zobenta, tsayinta da wadda ta tsaya kusa da ita duk suna faɗin sunanta. Sannan rufewar ma ba kowace ce ke rufewa ba. Alƙalamin haskaka rubutu da ake shafawa a waya ba ya toshewa gaba ɗaya, wanda ya ƙara wa hoton haske yana iya ganin abin da ke ƙasa. Dusashewa mara ƙarfi kuma takan bar siffar fuska. Idan ta yarda a rufe, a yi da launi mai kauri, ko a yanke ɓangaren, sannan a ajiye sabon kwafi a tura shi.

Ƙara wa mace hijabi ko mayafi a hoto shi ma canja kamanni ne. Wata za ta gode, wata za ta ji an ce shigarta ba ta yi ba. A tambaye ta. Cire mayafi kuwa, ko sauya tufafi da manhajojin da ke ƙirƙirar jikin da kyamara ba ta gani ba, wannan ya fita daga batun ladabi ya shiga batun laifi, duba amsa ta 9.

8. Ban tura wa kowa ba, a manhaja kawai na sa don ta gyara. Wannan ma sai da izini?

Sau da yawa eh. Wasu manhajoji a cikin wayar suke aikinsu. Wasu, musamman masu "farfaɗo" da tsohon hoto ko sauya fuska irin Remini da FaceApp, sukan aika hoton zuwa na'urorin kamfaninsu ta intanet a yi aikin a can. Hanya mai sauƙi ta ganewa: kashe data da Wi-Fi, ka gwada. Idan gyaran ya ƙi tafiya, to hoton yana barin wayarka. Matar da ba ta yarda namiji baƙo ya ga fuskarta ba tana da haƙƙin sanin haka kafin a yi.

Haka ma kai hoto situdiyo a wanke, ko tura wa wani ɗan uwa "wanda ya iya gyara". Duk hannun da hoton ya shiga, an nuna masa ne. A faɗa wa mai hoton wanda zai yi aikin, kuma a ce wa mai aikin ya goge kwafinsa bayan ya gama, har da na kwandon `Recently Deleted`, inda hoto ke zama kimanin kwana 30 a iPhone.

9. Me dokar Saudiyya ta ce?

Dokar yaƙi da laifukan intanet ta shekarar 2007, wato 1428 ta Hijira, a sashe na 3 ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba da tarar da ba ta wuce Riyal 500,000 ba, ko ɗaya daga cikinsu, ga wanda ya keta sirrin rayuwar wani ta hanyar amfani da wayar kyamara ba daidai ba, da wanda ya ɓata sunan wasu ya cutar da su ta hanyoyin sadarwa na zamani. Sashe na 6 ya fi tsanani: har shekara 5 da Riyal miliyan 3 ga mai ƙirƙira ko aika abin da ya taɓa tarbiyyar jama'a, darajar addini ko alfarmar rayuwar sirri. Lura da kalmar "aika". Wanda ya tura gaba ba zai fake da cewa ba shi ya haɗa ba.

Akwai kuma ƙa'idojin ladabin bainar jama'a na 2019, waɗanda suka sa tarar Riyal 1,000 ga ɗaukar mutane hoto kai tsaye ba da izininsu ba, ta ninka idan an maimaita. Dokokin nan ba su ware baƙo ba: mai iƙama da mai bizar Umara duk suna ƙarƙashinsu muddin suna cikin ƙasar. Abin da aka saba yi a gida a matsayin wasa, kamar mayar da fuskar aboki sitikar dariya a zaure, a nan yana iya zama ƙara idan mai fuskar ya ji an wulaƙanta shi. Kafin doka ma, Suratul Hujurat ta hana wasu su yi wa wasu izgili, maza da mata, kuma hoto yana izgili fiye da baki domin shi ba ya gushewa.

10. A Harami na ɗauki hoto, mutane sun cika bayana. Duk sai na nemi izininsu?

Ba zai yiwu ba, kuma ba a buƙata ga taron da ba a gane kowa. Abin dubawa shi ne ko wani ya fito sarai: mace tana gyara mayafi, dattijo yana kuka cikin addu'a, wani yana barci a harabar masallaci, mara lafiya a kan keke. Irin waɗannan a yanke su ko a bar hoton. A irin wannan ne kaɗai taɓa mutum a hoto ba da saninsa ba yake da hujja, domin cire shi kake yi daga idon jama'a, ba sauya masa kama ba.

11. Yara fa, da tsofaffin da ba su san harkar waya ba, da mamaci?

Yaro iyayensa ake tambaya, ba gwaggo ko maƙwabciya ba, in kuma ya yi wayo a tambaye shi shi ma. Ni dai ban ga dalilin haska fatar yaro ko tsuke masa hanci ba ko da iyaye sun so, domin zai girma ya ga hoton, ya fahimci abin da aka so ya zama. Tsoho kuwa a yi masa bayani da abin da ya sani. "Zan sa a sitatus" ba ta da ma'ana a wurinsa. A ce: "Baba, mutanen da ke cikin wayata za su gan shi har tsawon yini da kwana, har da mutanen garinmu, kuma wani zai iya ajiye shi."

Mamaci iyalinsa na kusa ake tambaya. An fi samun matsala wajen hoton ta'aziyya, inda ake ɗaukar tsohon hoto mai dishi-dishi a ba manhaja ta "gyara". Manhajar ba ta dawo da abin da ya ɓace, ƙirƙirar sabo take yi ta hanyar kintace. Sai ka ga ido ya sauya, tsaga ta tafi, fuskar ta zama ta wani mai kama da shi. A nuna wa matarsa ko 'ya'yansa tukuna. In sun ce ba shi ba ne, a sa na asalin duk da dishinsa.

12. Ta yarda da farko, bayan na sa ta ce in cire. Ko na riga na tura ban tambaya ba. Me ya rage?

A cire nan take, ba tare da tuna mata cewa ta yarda ba. Mutum yana da damar sauya ra'ayi, wataƙila mijinta ko mahaifinta ya yi magana, wataƙila wani ya yi sharhin da ya dame ta. A WhatsApp `Delete for everyone` yana aiki ne cikin kusan kwana biyu da turawa, kuma shugaban zaure ma yana iya goge saƙon wani cikin wannan lokaci. Amma gogewar ba ta kai ga wanda ya riga ya ajiye, ya tura gaba, ko ya yi sikirinshot. Don haka sai an bi da gajeren saƙo: "Don Allah duk wanda ya ajiye hoton nan ya goge, kada a tura." Kada a ambaci sunan wadda ta nema, kada kunyar ta koma kanta.

Sannan a gaya mata gaskiyar inda hoton ya kai: zaure nawa, awa nawa ya yi a sitatus, su wa suka gani. Ta fi buƙatar wannan bayani fiye da doguwar ban haƙuri, domin da shi za ta san wanda za ta kira. `View once` yana rage haɗari amma bai kawar da shi ba, wata wayar tana iya ɗaukar allon.

13. Ni ce nake zargin an taɓa hotona. Ya zan gane, kuma ina zan nufa?

Ki buɗe hoton ki faɗaɗa shi. Dubi fuska da wuya da bayan hannu: idan fuskar ta fi su haske sosai, an haska ta. Dubi fata: idan ta yi sumul babu ƙofofin gashi babu layin murmushi, an sulɓe ta. Dubi layukan da ya kamata su miƙe a bayanki, kamar gefen ƙofa, tayil ko labule: idan sun lanƙwasa daidai ƙugu ko kumatu, an matse wurin. Zanen atamfa da ya cuɗe, yatsu da suka haɗe, ko ɗan kunnen da bai yi kama da ɗan uwansa ba, alamun manhaja mai ƙirƙira ne. Ki tuna kuma cewa wasu wayoyin suna zuwa da kwalliyar fuska a kunne a kyamarar gaba, don haka mai ɗaukar tana iya zama ba ta sani ba. Ki nemi na asali kafin ki yanke hukunci.

Idan tsakanin dangi ne ko ƙawaye, saƙo ɗaya a keɓe yakan isa, in bai isa ba a sa wani babba. Idan kuwa an yi don cin mutunci, ko ana barazanar yaɗawa sai kin biya, kada ki biya, kada kuma ki goge saƙonnin. Ki yi sikirinshot da ke nuna lamba ko sunan shafin, rana da lokaci, ki ajiye hoton asali idan kina da shi, sannan ki kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa ko ta manhajar Kollona Amn. Ki kuma kai ƙarar hoton a dandalin da aka sa shi. Kada ki sake yaɗa hoton da kanki don nuna wa mutane abin da aka yi miki, shaidar hukuma za a miƙa wa.